Jagoran Mai Injin Niƙa a Kan Wutar Ƙura

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a cikin shekarun da na yi ina kafa injunan niƙa ina gyara su, na tarar kusan duk wanda ya shiga wannan sana'a yana tsoron abubuwa uku, wato bel ya kama masa riga, ko lantarki ya ja shi, ko man injin ya kama wuta, alhali kuwa abu na huɗu, wanda yake kwance a kan katakon rufinsa dare da rana, ba ya ko lissafa shi cikin abin tsoro. Wannan abu shi ne ƙurar gari. Sababin gafalar a fili yake, domin mutum ba ya zargin abincinsa, kuma wanda ya tashi yana ganin ana tuƙa tuwo da gari a kan wuta, da wuya ya yarda cewa garin nan yana iya ɗage rufin ɗaki ya rushe bango. Zan fara da labarin wani mai inji, don shi ne ya fi saurin shiga zuciya, sa'an nan in kawo kayan aiki da matakan kariya bi da bi.

Wannan bawan Allah dattijo ne mai rufin asiri, ya daɗe yana da injin faranti a ƙarƙashin wata rumfa a bakin kasuwa, inda mata ke aiko da dawa da gero da jiƙaƙƙen wake, iska na shiga ta gabas tana fita ta yamma, bai taɓa ganin wani abin tashin hankali ba. Da Allah ya buɗa masa, sai ya gina ɗaki na bulo, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 5, tsayinsa mita 3, ya yi masa silin, ya sa taga guda ɗaya ƙarama saboda ɓarayi, ya sayo injin guduma mai niƙa busasshiyar masara buhu-buhu don masu kiwon kaji da masu sayar da gari. Irin wannan inji yana da fanka a cikinsa, tana hura garin ta bututu zuwa mazurari, iskar kuma ta fita ta wata doguwar jakar yadi da ke tace ƙurar, wadda dole a riƙa kakkaɓe ta in ta toshe.

Ran nan da almuru, a tsakiyar hunturu, an rufe taga saboda sanyi, sai aka ɗauke wuta ana cikin aiki. Babban yaron shagon ya ga tunda inji ya tsaya, bari ya kakkaɓe jakar nan, ya sa sanda ya yi ta dukanta a cikin duhu. Ƙaramin kuwa, da yake tocila ta mutu, sai ya ƙyasta ashana zai kunna kyandir. Abin da suka iya faɗa daga baya shi ne sun ji wani fuuu, ɗakin ya yi ja baki ɗaya kamar ƙiftawar ido, zafi ya mare su a fuska, sa'an nan duhu ya komo. Gashin girarsu ya babbake, bayan hannun ƙaramin ya saluɓe, jakar yadin ta kama ci, falle guda na silin ya ɗaga ya faɗo. Maƙwabta suka taru, aka kashe jakar, aka yi ta barka.

Washegari dattijon ya aika aka kira ni in duba waya, don ya tabbata a ransa ko dai lantarki ne, ko wani ya ɓoye fetur a ɗakin, ko kuwa, kamar yadda wani abokinsa ya raɗa masa, hannun mahassada ne. Na duba waya ban ga inda ta ƙone ba, kuma ai babu wuta a lokacin, fetur kuwa ko ƙanshinsa babu. Na hau tsani na shafa saman katako, yatsana ya nutse cikin gari har ya rufe farce. Na ce masa, «Alhaji, ga abin da ya ci yaranka.» Ya dube ni ya ce, «Haba Malam, gari fa? Abin da in ka zuba shi a kan garwashi kashe wutar yake yi?» Na ce, «Gaskiyarka, ranka ya daɗe, amma zo waje ka gani.» Muka fita fili nesa da shagon, na tara gari cokali guda a ƙasa na sa masa ashana, ya yi baƙi a gefe, ashanar ta mutu. Na ɗebi wani cokalin na watsa shi daga nesa a saman kyandir, sai harshen wuta ya tashi ya fi kamu guda, ya ɓace nan take. Dattijon ya ja da baya yana salati, ya ce, «Ashe da barutu muke kwana.» Ba na son mai karatu ya maimaita wannan gwaji a cikin ɗaki ko a gaban yara, na kawo shi ne don hujja.

Bayanin abin kuwa shi ne, wuta ba ta cin abu sai ta fuskar da iska ke taɓawa. Gungumen itace yakan yi yini yana ci a murhu, amma in aka fere shi ya zama ƙirare sai ya cinye kafin a tafasa ruwa, alhali itacen ɗaya ne. In aka ɗauki abu mai murabba'i wanda kowane gefensa santimita 1 ne, aka farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita, zai zama ƙwaya miliyan guda, fuskar da iska ke taɓawa kuma ta ninka sau 100. Muddin ƙwayoyin nan suna tare a tsibi, sun danne juna, iska ba ta ratsa su, shi ya sa ashanata ta mutu. Da zarar sun tashi sama sun zama gajimare, kowace ƙwaya iska ta kewaye ta, wadda ta kama sai ta kunna ta kusa da ita, wutar ta ratsa ɗaki cikin abin da bai kai daƙiƙa ba. Iskar ɗakin ta yi zafi ta kumbura, in ta sami ƙofa ta fita, shi ne walƙiyar da yaran suka gani, in kuwa ba ta samu ba sai ta yi wa kanta ƙofa ta bango ko ta rufi. Masana sun auna, a cikin rufaffen mazubi matsin ƙurar hatsi yakan kai ninki 7 zuwa 9 na matsin iskar da muke ciki, bangon bulo kuwa ba ya jure ko rabin ninki guda.

Saboda haka masana suka ƙidaya sharuɗɗa biyar waɗanda sai sun cika fashewa ke aukuwa: busasshiyar ƙura mai laushi, da iska, da abin kunnawa, da tashin ƙurar sama da yawan da ya isa, da rufaffen wuri. In huɗun farko suka haɗu babu na biyar, walƙiya ce mai ƙona fata, in na biyar ya zo, rushewa ce. Abin da ya ceci shagon dattijon nan shi ne ƙofa a buɗe take, kuma gajimaren bai wuce kusurwar jakar ba. Da girgizar ta ƙara ƙarfi kaɗan ta zubo da abin da ke kan katakai da cikin silin a kan wutar da ke ci, da an sami fashewa ta biyu, wadda a tarihin wannan musiba ita ce mai kisa, domin ta farko ƙarama ce, aikinta kawai ta tayar da ƙurar da aka yi watanni ana tarawa.

Na zauna da shi muka yi lissafi a bayan takardar siminti. Ƙurar hatsi tana fara kamawa in ta kai kimanin giram 50 zuwa 60 a kowace mita ta cikin ɗaki, wato mita guda tsawo da faɗi da tsayi. Ɗakinsa yana da irin wannan mita 90, ke nan kimanin kilo 5, abin da bai fi tiya biyu na gari ba, ya isa ya cika ɗakin duka da gajimare mai kamawa. Ƙura mai kaurin milimita 1 kuwa, in ta rufe mita guda ta daɓe, nauyinta yakan kai rabin kilo, daɓensa mita 30 ne, ke nan kilo 15, ninki uku na abin da ake bukata, ba a ma lissafa na kan katako da na cikin silin ba. Da ya ga haka bai sake maganar mahassada ba, sai ya tambaya ko an taɓa ganin irin wannan a wani wuri. Na gaya masa tun a shekarar 1785 aka rubuta labarin wani ɗakin ajiyar fulawa na mai gashin burodi a birnin Turin na ƙasar Italiya, inda fulawa ta zubo kusa da fitila ta kama, ta ƙona yaron shagon ta fasa tagogi. A ranar 2 ga Mayu 1878 babbar ma'aikatar fulawa ta Washburn a Minneapolis ta Amurka ta fashe, mutum 18 suka halaka, a watan Disamba na 1977 kuma rumbunan hatsi na Westwego a jihar Louisiana suka kashe mutum 36.

Adalci ne in faɗa cewa mai injin faranti a rumfa buɗaɗɗiya, wanda rabin aikinsa markaɗen jiƙaƙƙen hatsi ne, hatsarinsa kaɗan ne, domin danshi na hana ƙura tashi, iska kuma na kwashe wadda ta tashi. Wanda nake wa magana shi ne wanda ya ci gaba, ya shiga ɗaki mai silin, ya sa injin guduma, yana niƙa busasshiyar masara ko dawa ko rogo ko yana haɗa abincin kaji, musamman daga Nuwamba zuwa Maris lokacin da hatsi ya bushe ƙayau.

Kayan da ake bukata ba su da tsada: tsintsiya mai laushi da buroshi mai dogon hannu, tsani, shebur na roba ko na katako, bokiti biyu na ruwa da ɗaya na yashi, gwangwanin ban-ruwa mai kan rariya irin na masu lambu, tocila mai caji guda biyu, rariyar tace hatsi, maganaɗisu mai ƙarfi, giris, da tukunyar kashe gobara ga wanda ya sami iko. A ƙara da ƙyallen rufe hanci, domin ƙurar da ba ta ƙona mutum ba tana cin ƙirjinsa a hankali.

Mataki na 1: a auna ƙurar da ke kwance

Kafin a taɓa tsintsiya, mai inji ya hau tsani da kansa da rana, inji a kashe, ya duba wuraren da ido ba ya kaiwa: saman katakan rufi, kan bututu, bayan mota mai juya inji, saman akwatin lantarki, kan taga, da cikin silin. Dalilin farawa da sama shi ne ƙura mafi laushi ita ce mafi nisan tashi, ita ce kuma mafi saurin kamawa, kuma tana can a inda girgiza kaɗan za ta zubo da ita ta zama gajimare tun kafin ta iso ƙasa. Dokar ma'aikatun hatsi ta Amurka ta wajabta a share ƙura da zarar ta wuce kimanin milimita 3 a wuraren da suka fi hatsari, masu tsanantawa kuma suna cewa ko ta kusa milimita 1 ta isa a damu. Ma'aunin da nake ba yara ya fi sauƙi: in ba ka iya gane launin fentin da ke ƙarƙashi, ko in ka rubuta sunanka da yatsa ya fito sarai, to lokacin shara ya yi.

Mataki na 2: shara, da yadda ake yin ta

A nan ne masu farawa suka fi kuskure, kuma kuskuren nasu yana zuwa ne daga himma, domin yaro mai son ya burge maigida shi ne zai ɗauki buhu ya yi ta bugun bango da katako, ko ya aro injin hura iska daga mai faci ya busa ko'ina, ya mayar da ƙurar da ke kwance lafiya ta zama ainihin gajimaren da ake gudu. Shara ita ce sa'a mafi hatsari a yinin mai niƙa, saboda haka tana da tertibi kamar yadda alwala ke da shi, wanda ya saɓa tertibin ya ɓata aikin.

Da farko a kashe inji, a kashe babban makunnin lantarki, a jira mota da boris su huce, a tabbata babu garwashi ko fitila ko mai shan taba a kusa, a buɗe ƙofa da taga. Sa'an nan a fara daga sama, ana jawo ƙurar a hankali da buroshi zuwa cikin shebur ko kwano da wani ke tare da shi a ƙasa, kada a bar ta ta faɗo daga tsayin mita 3. In an zo daɓe, a yayyafa ruwa kaɗan ko a watsa dusa mai danshi, a share da ita, don danshin ya kama ƙurar. Abin da aka tara a fitar da shi daga ɗakin a ranar, kada a jibge shi a kusurwa da niyyar sayar wa masu dabbobi ran kasuwa, domin jiƙaƙƙiyar dusa in ta kwana a tsibi tana yin zafi ta ruɓe. Daɓe da jikin inji kullum ne bayan an tashi aiki, katakai da bututu kuwa mako-mako, kuma ranar Juma'a da safe ta dace tunda aiki kan yi sauƙi. Jakar tace ƙura ba a kakkaɓe ta sai da rana, inji a tsaye, a hankali, in da hali a kwance ta a fita da ita fili.

Silin kuwa, ra'ayina a cire shi ɗungum daga ɗakin niƙa. Ba ya ƙara komai sai kyan gani, a bayansa kuma akwai ɗaki na biyu wanda ba mai shiga, ƙura na taruwa a ciki shekara da shekaru, wayoyi na ratsa ta, ɓeraye na cin rigar wayoyin. Dattijon nan da aka ɓamɓare nasa, abin da aka kwaso ya ba shi kunya.

Mataki na 3: a rage ƙurar tun daga tushenta

Wanda ya toshe inda ƙura ke fita ya rage wa kansa rabin shara. A duba mahaɗin bututu, da bakin da buhu ke kamawa, da jikin jakar yadi, duk inda aka ga farin zane a jikin ƙarfe to nan take tsiyaya, a ɗaure ko a liƙe ko a ɗinke. Mazurari da jakar sun fi dacewa a waje, ƙarƙashin rumfa a bayan ɗaki, domin cikinsu ne kaɗai wurin da gajimare mai kamawa ke nan koyaushe in inji na aiki, in kuwa wani abu ya faru gara ya faru inda ba bango huɗu. A yi tagogi biyu masu fuskantar juna a sama kusa da rufi, a sa musu ƙarfe saboda ɓarayi maimakon a toshe su, ƙofa kuma ta riƙa buɗewa waje, kada a jera buhuna a bakinta. Fankar tsaye da ake juya wa inji don yara su sha iska tana tayar da ƙura, a kawar da ita.

Mataki na 4: a tace hatsi kafin ya shiga inji

Hatsin da aka shanya a bakin titi ko aka sussuka a ƙasa ba ya rasa tsakuwa da ƙusa da guntun waya. Gudumomin inji suna juyawa wajen sau 3,000 a minti, ƙusa guda in ta shiga sai ta yi tartsatsi ko ta yi ja don gogayya, a cikin wurin da ya cika da ƙura da iska, fanka kuma ta tura ta zuwa jaka. A zuba kowane buhu ta rariya, a ɗaure maganaɗisu a maƙogwaron da hatsi ke gangarawa, a riƙa share shi safe da yamma, don in ya cika ba ya ƙara kamawa. Maganaɗisu ba ya kama dutse, wannan aikin rariya ne da ido. In aka ji ƙara ta canza, kamar ana buga ƙarfe a ciki, a tsayar da inji, a dakata ƙurar ciki ta kwanta kafin a buɗe murfi.

Mataki na 5: boris da bel da lantarki

Tartsatsi kowa na ganinsa, zafin da ke taruwa a ɓoye shi ne ba a lura da shi. Gajimaren ƙurar hatsi yana bukatar zafi wajen digiri 400 kafin ya kama da kansa, amma ƙurar da ke kwance a kan ƙarfe mai zafi tana fara cin ciki a ƙasa da haka nesa, kuma gwargwadon kaurinta gwargwadon sauƙin kamawarta, domin tana rufe zafin ta hana shi fita. Boris da ya bushe babu giris, ko bel da ya saki yana zamewa a kan fule, ko wanda ya karkace yana gogar murfi, kowannensu na iya kaiwa ga wannan. Bayan awa guda da fara aiki a tsayar da inji a ɗora bayan hannu a gidan boris: in ana iya barinsa, lafiya, in kuwa dole a janye nan da nan, ya kai wajen digiri 60 ko fiye, a bincika kafin a ci gaba. Ƙaurin roba ko ƙanshin gasasshiyar masara a inda ba a gasa komai, shaida ce da ba a jinkirta ta zuwa gobe.

Wajen lantarki, haɗin waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, da fis da aka maye da waya mai kauri, da soket mai baƙin baki, duk ashana ce da ke jiran ranarta. A sa wayoyi cikin bututu, makunni da akwatin fis su koma waje ko cikin akwati mai murfi, ƙwan fitila ya zama marar zafi kuma a cikin gilashi rufaffe, jikin inji da bututunsa a haɗa su da wayar ƙasa. Mai injin dizal ya fitar da salansa waje ta bangon da ba ya kallon jakar ƙura, ya ajiye mai a wani ɗaki dabam.

Mataki na 6: wuta a fili, da walda

Ashana da kyandir da aci-balbal da taba da kaskon jin ɗumi haramun ne a ɗakin niƙa, ko inji na aiki ko ba ya yi, kuma hani ba ya tsayawa sai an ba da madadi, shi ya sa na ce tocila biyu, ɗaya a rataye a bakin ƙofa inda hannu zai same ta a duhu. Walda kuwa, in abin da ya karye yana kwancuwa, a kai shi wurin mai walda. In ba ya kwancuwa, a tsayar da aiki, a share ɗakin sama da ƙasa, a buɗe injin a wanke cikinsa, a fitar da buhuna da jaka, a jiƙa daɓe. Ƙa'idar ma'aikatu ita ce a kawar da duk abin da ke kamawa har mita 11 daga wurin, wanda a ƙaramin shago ma'anarsa ɗakin duka. Bayan an gama mutum ya zauna da bokiti yana tsaro awa guda, domin ƙwayar tartsatsi takan faɗa cikin ƙura ta yi ta ci a ɓoye, sai an tayar da inji fanka ta hura ta. Kada a taɓa yin walda a jikin mazurari ko bututu da gari a ciki, ko da mai waldar ya rantse ɗigo biyu ne kawai.

Mataki na 7: in wuta ta riga ta kama

A kashe inji da babban makunni, a fitar da mutane, yara masu jiran niƙa tukuna. In tsibin gari ne ko dusa ke hayaƙi, kada a watsa masa bokiti da ƙarfi, kada a doke shi da buhu, kada a tona shi da shebur, kada kuma a kafa masa bakin tukunyar kashe gobara daga kusa, domin duk waɗannan suna ɗaga ƙurar a kan wuta, su mayar da hayaƙi walƙiya. A yayyafa ruwa a hankali da gwangwanin lambu daga gefe zuwa tsakiya har ya jiƙe, ko a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara. In hayaƙin daga cikin inji ko mazurari yake fitowa, kada a buɗe murfi don a leƙa, iskar da za ta shiga ita wutar ke jira. In abin ya fi ƙarfin bokiti biyu, a fita a kira 'yan kwana-kwana, a gaya musu tun a waya cewa ɗakin gari ne. Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki ko gishiri, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai shi asibiti, musamman in fuska ce ko hannu ko in muryarsa ta dushe, domin wannan alama ce zafin ya shiga maƙogwaro.

Dattijon nan ya biya kuɗin maganin yaronsa, ya cire silin, ya fitar da jakar waje, ya fasa taga ta biyu, abin da ya kashe duka bai kai kuɗin sabuwar mota guda ta inji ba. Wani maƙwabcinsa mai irin sana'ar ya ce masa abin da Allah ya ƙaddara ba tsintsiya ke hana shi ba, shi kuwa ya amsa masa da cewa malamai ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba, kuma 'ya'yan mutane da ke aiki a ƙarƙashinsa amana ce da za a tambaye shi. Ya kai mai inji, gobe da safe kafin ka tayar da aiki, ka sa tsani ka shafa saman katakon rufinka da yatsa, in ya fito fari to ka fara da mataki na biyu kafin ka karɓi kwanon kowa.